Yadda ake rajistar katin masu buƙata ta musamman a Bauchi, da irin takardar likitan da ake karɓa

Ranar da muka fara kai fom ɗin ƙanina, mun tafi da takardu cike da leda: katin asibiti, rasitan magani, hotunan ƙashi guda uku, da wata 'yar takarda da wani likita ya rubuta mana a tsaye a bakin ɗakin duba marasa lafiya. Jami'in da ke karɓar fom ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Malam, duk waɗannan sun nuna ya yi jinya. Babu wadda ta nuna lalurar ta zauna masa." Na ji zafin maganar a lokacin, domin ga yaron nan a gabansa a kan keken guragu na aro. Amma da na koma gida na sake karanta 'yar takardar, sai na ga gaskiyarsa. Abin da ke ciki layi biyu ne: wane majinyacinmu ne, yana fama da ciwon baya, a taimaka masa. Babu lambar fayil, babu ranar da abin ya faru, babu hatimin asibiti.

Ƙanina tela ne. Hatsarin babur ya yi a hanyar Dass, ƙashin bayansa ya taɓu, lakar ta samu rauni, ƙafafunsa biyu suka yi sanyi. Daga wannan komawa da aka yi da mu zuwa ranar da aka karɓi takardunsa, na koyi abin da zan shimfiɗa a nan. Mafi yawansa a kan takardar likita ne, domin a nan mutane suka fi tuntuɓe.

Da farko, ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Mutane kan ce "za mu je rajistar naƙasassu" kamar abu ɗaya ne. Abu uku ne, kuma kowanne da abin da yake tambaya.

Na farko shi ne shaidar naƙasa kanta. Dokar tarayya ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ake kira dokar 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, kuma ita ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wato NCPWD, wadda ta fara aiki a 2020. Dokar ta ba wannan hukuma ikon ba da takardar shaidar naƙasa. A nan Bauchi kuma muna da hukumar jiha ta masu buƙata ta musamman, wadda take riƙe da nata rajistar. Wannan ƙofa ce ke dogara kacokan a kan bayanin likita.

Na biyu shi ne Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, inda ake ɗauko sunayen waɗanda ake tura wa tallafin kuɗi. Wannan ba ta tambayar takardar likita, talaucin gida take aunawa. Na uku shi ne inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, wadda a Bauchi hukumar BASHCMA ke gudanarwa. Zan dawo kan waɗannan biyun a taƙaice daga baya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, katin naƙasa ba katin albashi ba ne. Shaida ce da kake nunawa idan wani shiri ya zo, ko idan kana neman haƙƙin da doka ta ba ka, kamar kason kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da ta ce ma'aikatun gwamnati su ware, ko karatu kyauta har zuwa sakandare.

Mataki na ɗaya: daidaita suna kafin komai

Kafin ka taka asibiti, ɗauko takardar NIN ta mai lalurar ka ajiye ta gefe da katin asibitinsa. Karanta sunan harafi bayan harafi. A gidajenmu mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a asibiti, Mohammed a NIN, Mamman a banki. Ranar hatsari kuwa, wanda ya kai majinyaci asibiti shi yake ba da suna, kuma sau da yawa sunan da ake kiransa a unguwa yake bayarwa. Haka aka yi mana: abokan ƙanina sun rubuta laƙabinsa, suka ƙiyasta shekarunsa da ka, aka ƙara masa uku.

Idan aka samu saɓani, shawarata ita ce a gyara fayil ɗin asibiti ya bi NIN, ba a juya ba. Gyaran NIN yana cin kuɗi da lokaci, kuma layin waya da asusun banki duk a jikinta suke rataye. Ka je ɗakin kati na asibitin da takardar NIN, ka nemi a gyara. Idan bambancin yana da yawa za su iya neman takardar rantsuwa ta kotu da ke cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Ka yi wannan kafin likita ya rubuta rahoto, domin shi daga fayil yake kwafo suna.

Wanda ya manta lambarsa, lamba ce mai alƙaluma 11, kuma ana iya kiranta a layin da aka haɗa da ita ta hanyar danna `*346#`, ana cire 'yan kuɗi kaɗan. Wanda bai taɓa yi ba sai ya je ofishin NIMC. Yaron da bai kai shekara 16 ba ana haɗa tasa da ta uba ko uwa ko mai riƙonsa. Wanda kuturta ko hatsari ya ci masa yatsu kada ya ce ba zai iya ba, ya gaya wa jami'in ya rubuta yatsun da babu, a ɗauki waɗanda suke nan.

Mataki na biyu: karɓo fom kafin ka ga likita

Wannan shi ne kuskurenmu na biyu. Mun fara zuwa wajen likita, sannan muka karɓo fom, sai muka tarar akwai shafi guda a ciki da likita ne kaɗai zai cike ya buga hatimi. Wasu shirye-shiryen suna da irin wannan shafin, wasu kuma suna cewa a haɗo rahoto daban, wasu a intanet ake cikewa a ɗora hoton rahoton. Ka fara ganin fom ɗin, ka tambayi wanda ya ba ka abu uku: rahoton wane irin asibiti ake karɓa, kada ya wuce wata nawa da rubutawa, kuma ana son asali ne ko kwafi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin lokacin da ake rajista ita ce ta ƙungiya. JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, tana da rassa bisa nau'in lalura: makafi, kurame, guragu, masu raunin laka, waɗanda kuturta ta shafa, zabiya, da masu tawayar fahimta. A ƙananan hukumomi kuma akwai sashen walwalar jama'a a sakatariya, ga kuma Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda labarin rajista kan iso musu tun kafin a sanar a rediyo. Ƙanina ya ƙi zuwa da farko, yana ganin shiga cikinsu kamar ya sallama ne. Daga baya a wajensu ya samu wanda ya koya masa yadda ake sauka daga keke zuwa gado ba tare da an ɗaga shi ba.

Mataki na uku: rahoton likita

A nan zan daɗe. Dokar ta fassara naƙasa da tawaya mai daɗewa, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta fahimta ko ta gani da ji, wadda idan ta haɗu da shingayen da ke kewaye da mutum take hana shi shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Abu biyu ke cikin wannan: daɗewa, da abin da lalurar ta hana. Sunan cuta kaɗai bai amsa ko ɗaya ba. Mutum biyu suna iya samun shanyewar ɓarin jiki, ɗaya ya koma kasuwar Wunti bayan wata uku, ɗaya ya kasa kai cokali bakinsa. Takardar da ta ce "shanyewar ɓarin jiki" kawai ba ta raba su ba.

Ka je asibitin gwamnati. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Asibitin Ƙwararru na Bauchi, asibitin tarayya na Azare, ko babban asibitin ƙaramar hukumarka kamar na Misau ko Ningi ko Toro. Mafi kyau shi ne asibitin da fayil ɗin mai lalurar yake, domin likita ba zai rubuta abin da bai gani a rubuce ba. Ƙaramin asibitin unguwa yana iya tura ka gaba, amma galibi ba likita ne ke zaune a can ba, kuma sa hannun likita mai rajista ake nema. Takardar mai kemis ko ta mai ɗori ba ta shiga, ko da shi ne ya yi ɗorin kuma ya yi kyau.

A manyan asibitoci ba a hannun likita ake karɓar rahoto kai-tsaye ba. Kana rubuta takardar neman rahoto zuwa ga shugaban asibitin, ka faɗi sunan majinyaci da lambar fayil da dalilin nema. Kada ka bar dalilin a dunƙule. Rubuta cewa ana buƙatarsa ne domin rajistar shaidar naƙasa, kuma ana son ya bayyana matakin tawayar da ko ta dindindin ce. Idan ba ka faɗa ba, za a ba ka rahoton jinya na gama-gari. Ka biya a wurin biyan kuɗi na asibiti, ka karɓi rasit. A fito da fayil, a kai sashen da ke duba shi, likita ya sake gwada shi, a buga rahoton, ya sa hannu, a buga hatimi. Ba aikin yini ɗaya ba ne, don haka kada ka jira sai saura kwana biyu a rufe karɓar fom.

Da aka miƙo maka rahoton, kada ka bar harabar asibitin sai ka duba, ko ka sa mai jin Turanci ya duba maka, waɗannan:

- Yana kan takarda mai tambarin asibiti, da kwanan wata.
- Suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na NIN, kuma akwai lambar fayil.
- An faɗi lalurar da sunanta na likitanci, da sanadinta, da lokacin da ta fara.
- An rubuta sakamakon gwaji da lamba, ba "yana da rauni" kawai ba.
- An faɗi abin da ba ya iya yi, da abin da yake dogara da shi: keke, sanda, na'urar ji, ɗan jagora.
- An faɗa ƙarara ko ta dindindin ce ko ana sa ran sauƙi.
- Akwai cikakken sunan likita, muƙaminsa, sa hannu, da hatimi. Idan fom ya nemi lambar rajistarsa ta Majalisar Likitoci ta Ƙasa, ka tabbatar ya rubuta.

Na huɗu da na shida su ne ake yawan tsallakewa, kuma su ne jijiyar takardar.

Ga yadda lambar take a wurin masu raunin gaɓoɓi. Likita ko ma'aikacin sashen gashi yana auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5. Sifili na nufin ko motsi babu. Ɗaya, tsokar tana ɗan motsi amma gaɓar ba ta gusawa. Biyu, mutum yana iya jan ƙafarsa a kan gado amma ba ya iya ɗaga ta sama. Uku, yana ɗagawa, amma da ka ɗan danna ta da hannu sai ta faɗi. Huɗu, yana iya turo hannunka amma ba da cikakken ƙarfi ba. Biyar shi ne lafiya lau. Na tsaya a gefen gado ranar da aka yi wa ƙanina wannan gwajin. Likitan ya ce masa, "Ɗaga ta hagun, ƙanina, kada ka taimaka da hannu." Ya cije leɓe, gumi ya keto masa, diddigen ya ja zanen gado ya dawo, bai bar katifa ba. Aka rubuta 2. Ta dama ta tashi kamar taƙi ɗaya, likita ya sa yatsu biyu ya danna, ta sauka. Aka rubuta 3. Sannan ya ɗauki auduga da tsinke ya bi fatar daga ƙafa zuwa ciki yana tambayar inda yake ji.

Rahoto na biyu da muka samu, ma'anarsa da Hausa ita ce: namiji mai shekara kaza, lambar fayil kaza, ya samu karayar ƙashin baya da raunin laka sakamakon hatsarin babur a rana kaza, bayan wata takwas na jinya da gashi, ƙarfin ƙafar hagu 2 cikin 5, ta dama 3 cikin 5, ba ya iya tsayuwa ba tare da an riƙe shi ba, yana da matsalar riƙe fitsari, yana buƙatar keken guragu, ana ɗaukar tawayar a matsayin ta dindindin. Bai cika shafi ɗaya ba. Jami'in ya karanta sau ɗaya ya haɗa da fom.

Layin fitsarin nan sai da muka yi gardama da ƙanina a kansa, ya ce a cire, abin kunya ne. Na ce a bari, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi, domin robar fitsari da ƙunzugu su ne suke cinye kuɗin gida kowane wata, kuma idan ba a rubuta ba babu shirin da zai san ana buƙatarsu. Amma sirrinsa ne, sai da ya yarda da kansa aka bari.

Zancen kwana 180

Ka lura na ce bayan wata takwas. Mun nemi wannan rahoto tun a wata na huɗu, likitan ya ƙi rubuta cewa ta dindindin ce. Na roƙe shi, na ce, "Likita, ranka ya daɗe, kalma ɗaya ce." Ya ce jijiya tana iya farfaɗowa a watannin farko, kuma idan ya rubuta yaro ya miƙe, takardar ƙarya ya sa wa hannu. Gaskiya ya faɗa, domin ƙafar dama da aka ba 3 daga baya, a lokacin 2 take.

Dokar ma haka ta tsara. Idan likita ya ga alamar naƙasa a jikin wanda a da lafiyarsa ƙalau, yana iya ba da shaidar wucin gadi da amincewar hukumar, kuma ba ta wuce kwana 180. Idan lalurar ta zarce haka, hukumar ta ba da shaidar dindindin bisa shawarar likita. Saboda haka wanda hatsari ko shanyewar ɓarin jiki ya same shi kwanan nan, ya nemi rahoton halin da ake ciki yanzu, ya ci gaba da zuwa gashi, ya tabbatar ana rubuta kowane zuwa a fayil, sannan bayan wata shida ya koma a sake aunawa. Wanda ya daina zuwa asibiti ya koma na gida, ya dawo bayan shekara, zai tarar fayil ɗinsa ba shi da abin da likita zai kafa hujja da shi. Wanda aka yanke wa ƙafa ko hannu kuwa, ko wanda shan inna ta kama tun yana yaro, lamarinsa a bayyane yake. Abin da ake so shi ne a faɗi wace gaɓa, wane ɓangare, kuma daga ina aka yanke, sama da gwiwa ko ƙasa da ita.

Dokar ta kuma sa tarar Naira 200,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun ga wanda ya bayar ko ya karɓi shaidar naƙasa ta haramtacciyar hanya. Duk wanda ya tare ka a bakin asibiti ya ce zai haɗa maka rahoto ba tare da an ga majinyaci ba, ka wuce. Lambar fayil da ke jikin takarda ana iya bin sawunta.

Idan lalurar ta ido ce ko ta kunne

Ido a sashen ido ake aunawa, da allon nan mai haruffa da ake karantawa daga nisan mita 6. Ana rubuta sakamakon kamar 6/6, 6/18, 6/60, 3/60. Ma'anar 6/60 ita ce abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 60, shi sai ya matso mita 6. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ganinsa ya gaza 6/60 yana da tawaya mai tsanani, wanda ya gaza 3/60 ana lissafa shi makaho. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne da idon da ya fi lafiya ake yin hukunci. Wanda ido ɗaya ya mutu, ɗayan yana gani sarai, ba ya cikin makafi a wannan ma'auni. Don haka rahoton ya nuna kowane ido daban, da gilashi da babu gilashi. Mai hawan jinin ido ya nemi a auna masa faɗin gani, domin yana iya karanta allon tsaf alhali gefe da gefe duk ya rufe, kamar mai leƙe ta cikin kara. Wanda kuma aka ce yanar ido ce, kada ya ɓata lokaci a kan kati, aiki ake yi masa ya gani.

Kunne kuwa gwajin ji ake nema, wanda ake sa wa mutum abin sauraro a ɗaki mai shiru, ana sako ƙara yana ɗaga hannu idan ya ji. Takardar tana fitowa da zane, kowane kunne da layinsa, kuma ma'aunin shi ne desibel. Ƙarin lamba na nufin ƙarin kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar abin da ya haura desibel 35 a kunnen da ya fi ji a matsayin rashin ji mai tauye mutum, daga 80 kuma ya yi tsanani ƙwarai. A haɗa zanen da rahoton. Ba kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ke da na'urar ba, sai ka nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Kurma ya tafi da mai fassara masa da hannu wanda ya saba da shi, in ba haka ba likita zai yi ta magana da ɗan rakiya, a rubuta tarihin da ba nasa ba.

Taɓin hankali da tawayar fahimta, likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubutawa, yaro kuma likitan yara. A nan abin da iyali suka gani yana da nauyi: yaushe ya fara tafiya, yaushe ya fara magana, yana iya wanka da cin abinci da kansa, yana gane hanyar gida. A tafi da wadda take rainonsa, ba kawun da ya fi iya Turanci ba. Wannan shaida tana da amfani na musamman, domin dokar ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Sikila da farfaɗiya kuma, kada a tsaya a kan sunan ciwon. A rubuta abin da suka bari a jiki, kamar lalacewar ƙugu ko yawan faɗuwa duk da shan magani.

Mataki na huɗu: miƙawa

Wannan ba shi da wuya. Fom a cike, kwafin NIN, rahoton likita, hotunan fasfo, sannan ka tanadi hoto ɗaya na tsaye ko a kan keke da ke nuna jiki gaba ɗaya, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko an tambaya. Nau'in naƙasar da ka zaɓa a fom ya yi daidai da abin da likita ya rubuta. Lambar wayar da za ka sa ta zama ta mai lalurar ko ta wanda suke kwana gida ɗaya, ba ta mai shagon da ya cike muku ba. A tafi da shi da kansa, domin akan so a gan shi a ɗauki hotonsa. Wanda ba ya iya tashi, a tambaya ko ana zuwa gida.

Kada ka saki asalin rahoton sai an tilasta. Yi fotokwafi biyar, ka ɗauki hotonsa a waya a wuri mai haske yadda hatimin zai fito. Kada ka liƙe asalin da leda mai zafi, domin wani ofishin yakan so ya buga nasa hatimin a jiki. Saka shi a jakar roba kawai. Ka karɓi wata shaida ta miƙawa, ko lamba ko 'yar takarda, ka rubuta ranar. Idan aka ce ka ba da kuɗi, ka ce a ba ka rasit.

Tallafin kuɗi da inshorar lafiya

Rajistar Marasa Galihu ba a zuwa ofis a cike ta. Ofishin jiha da ake kira SOCU yana tura ma'aikata unguwa ko ƙauye, jama'a su taru su fitar da gidajen da suka fi talauci bisa ma'aunin da su da kansu suka yarda da shi, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna tambayar yawan iyali, irin ginin, ruwan sha, da abin da aka mallaka. Gida ake rubutawa, ba mutum ɗaya ba. Daga wannan rajista aka ɗauko waɗanda aka ware wa Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku a shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Shiga rajistar bai zama alƙawarin biya ba. Aikinka shi ne ka sanar da mai unguwa tun wuri, kuma ranar da masu rubutu suka zo kada a ɓoye mai lalura a ɗaki. Na san gidajen da ake yin haka da yara masu tawayar fahimta saboda kunya, sai a rubuta gidan kamar babu mai lalura a ciki. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce sunanka ya fito, ka karanto masa lambar sirrin katin banki ko lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne.

Inshorar kuwa tana tafiya ne da Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, kuma ana haɗa mutum da ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Gurabe ne ƙididdigaggu, ana buɗewa lokaci zuwa lokaci. Ka je wajen shugaban asibitin mazaɓarku da NIN da kwafin rahoton, ka nemi a sa sunan mai lalurar a jerin da za a tura idan an buɗe. Mazauna Gombe, takwarar wannan hukuma a wajenku ita ce GoHealth, kuma duk abin da na faɗa game da rahoton likita bai canza ba.

Kwafi biyar ɗin da muka yi wa ƙanina, ɗaya ya tafi wajen rajista, ɗaya asibitin mazaɓa, ɗaya ƙungiyar masu raunin laka. Na huɗu mun haɗa shi da takardar neman keken ɗinki mai injin lantarki, tunda ƙafar taka feda ta tafi amma hannuwansa da idonsa suna nan. A can aka ce rahoton ya haura shekara, a kawo sabo. Wannan karon ya zo da sauƙi: muka kai tsohon kwafin ɗakin kati, aka fito da fayil da lambar da ke jikinsa, likita ya sake gwada ƙafafun, hagu 2, dama 3, ya sa sabon kwanan wata.